Tsayayyen ruwa da ruwa mai raguwa: yadda ake lissafin kuɗin ruwan bashi, da misalin naira 600,000

Wurare biyu na iya ce maka suna ba da bashi a kan kashi 3 cikin ɗari a wata, kuɗi ɗaya, wa'adi ɗaya, amma idan shekara ta zagayo ka tarar na farko ya karɓi ruwan naira 216,000, na biyu kuwa naira 117,000. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Bambancin yana cikin kuɗin da ake ɗora kashi 3 ɗin a kansa. Na farko yana ɗora shi a kan kuɗin da ka karɓa ranar farko, tun daga watan farko har na ƙarshe. Na biyu yana ɗora shi a kan abin da ya rage ake binka a kowane wata. Na farkon shi ne tsayayyen ruwa, wanda za ka ga an rubuta `flat` a takardar tayin bashi ko a manhajar waya. Na biyun shi ne ruwa mai raguwa, a takarda `reducing balance`.

Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe. Mai shagon kayan masarufi yana neman naira 600,000 don ya cika shago. Za a ba shi na wata 12, zai riƙa biya a ƙarshen kowane wata, ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata. Alƙaluman na misali ne, an zaɓe su ne don su rabu daidai, ba farashin wani banki ba ne. Ka ɗauki biro da kalkuleta ka bi lissafin da hannunka, daga baya ka sa alƙaluman bashin da ke gabanka.

## Lissafin tsayayyen ruwa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, kuma sauƙinsa na cikin abin da ya sa ƙananan bankuna, ƙungiyoyin gama-kai da masu sayar da kaya a kan biya kaɗan-kaɗan suke son sa.

Ka fara fitar da ruwan wata ɗaya: kashi 3 cikin ɗari na 600,000 shi ne 18,000. Ka ninka shi sau 12, ruwan shekara ya zama 216,000. Ka haɗa da uwar kuɗi, jimilla 816,000. Ka raba gida 12, kowane wata mai shago zai kai naira 68,000. A cikin wannan 68,000 ɗin, 50,000 uwar kuɗi ce, 18,000 ruwa ne, kuma haka rabon zai tsaya har watan ƙarshe.

To a nan ne ya kamata a tsaya a duba. A watan farko mai shago yana riƙe da 600,000 cif, saboda haka 18,000 kashi 3 ne na gaskiya. Amma da shigowar wata na bakwai ya riga ya mayar da 300,000, abin da ya rage a hannunsa 300,000 ne, kuma har yanzu 18,000 yake biya. Wato a wannan watan ruwan ya koma kashi 6. A wata na 12 naira 50,000 kacal ake binsa, ruwa kuma na nan 18,000, wato kashi 36 cikin ɗari a wata guda. Kamar mutum ne ya kama hayar ɗaki 12, kowane wata yana mayar da mukullin ɗaki ɗaya, amma mai gida na ci gaba da karɓar hayar 12 ɗin har ranar da ya miƙa mukulli na ƙarshe.

## Lissafin ruwa mai raguwa

A nan kowane wata sai an sake duba abin da ya rage kafin a fitar da ruwa. Hanya biyu ake bi, kuma yana da kyau a san su duka, domin rashin bambance su ne ke rikita mutane da yawa.

Hanya ta farko ita ce a raba uwar kuɗi daidai, 50,000 kowane wata, sannan a ɗora ruwan abin da ake binka a farkon watan. Watan farko ana binka 600,000, ruwa 18,000, ka biya 68,000. Wata na biyu saura 550,000, ruwa 16,500, ka biya 66,500. Tunda uwar kuɗi na sauka da 50,000, ruwa na sauka da 1,500 duk wata.

| Wata | Abin da ake binka | Ruwa | Biyan wata |
|---|---|---|---|
| 1 | 600,000 | 18,000 | 68,000 |
| 2 | 550,000 | 16,500 | 66,500 |
| 3 | 500,000 | 15,000 | 65,000 |
| 4 | 450,000 | 13,500 | 63,500 |
| 5 | 400,000 | 12,000 | 62,000 |
| 6 | 350,000 | 10,500 | 60,500 |
| 7 | 300,000 | 9,000 | 59,000 |
| 8 | 250,000 | 7,500 | 57,500 |
| 9 | 200,000 | 6,000 | 56,000 |
| 10 | 150,000 | 4,500 | 54,500 |
| 11 | 100,000 | 3,000 | 53,000 |
| 12 | 50,000 | 1,500 | 51,500 |

Idan ka tara layin ruwa zai ba ka 117,000. Ba sai ka tara ɗaya bayan ɗaya ba: lambobi daga 1 zuwa 12 jimillarsu 78 ce, 78 sau 1,500 kuma shi ne 117,000. Abin da mai shago zai biya gaba ɗaya 717,000 ne. Tsakaninsa da tsayayyen ruwa akwai naira 99,000, kusan biyan uwar kuɗi na wata biyu.

Hanya ta biyu ita ce wadda bankuna suka fi amfani da ita wajen bashin ma'aikata, domin albashi ba ya sauyawa, su ma suna son abin da za a cire ya zama ɗaya kowane wata. Ana nemo adadi guda wanda idan aka biya shi sau 12, zai share ruwan kowane wata ya kuma kashe uwar kuɗi daidai a watan ƙarshe. Ga ƙa'idar:

```
biya = P × r ÷ (1 − (1 + r)^−n)
```

`P` uwar kuɗi ce, `r` ruwan wata ɗaya ne a rubuce kamar 0.03, `n` kuma yawan watanni. Da kalkuletar waya ma ana yi. Ka ninka 1.03 da kansa har ya bayyana sau 12, za ka samu 1.42576. Ka raba 1 da wannan, ya ba ka 0.70138. Ka cire shi daga 1, saura 0.29862. Sai ka raba ruwan watan farko, wato 18,000, da 0.29862. Amsa kimanin naira 60,277 a wata. Wanda ke da Excel ko Google Sheets layi ɗaya zai rubuta:

```
=PMT(0.03,12,-600000)
```

Yanzu a buɗe 60,277 ɗin a ga abin da ke ciki. Watan farko ruwa 18,000 ne, ragowar 42,277 ta tafi uwar kuɗi, saura 557,723. Wata na biyu ruwa kashi 3 ne na 557,723, wato 16,732, uwar kuɗi ta ci 43,545, saura kimanin 514,177. Wata na uku ruwa 15,425. Haka kason ruwa ke ta ƙanƙancewa, na uwar kuɗi na faɗaɗa, har a watan ƙarshe ruwa ya koma kimanin 1,756, uwar kuɗi 58,521. Jimillar biya 723,327, ruwa 123,327.

Ya ɗara na hanyar farko da naira dubu shida da 'yan kai, kuma dalili a bayyane yake: a watannin farko 42,000 ko 43,000 kake mayarwa maimakon 50,000, saboda haka kuɗin mutane ya fi daɗewa a hannunka. Ba cuta a ciki. Ka biya hayar abin da ka riƙe ne.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ga biyan wata ba ya sauyawa sai a ce ai tsayayyen ruwa ne, ko a yi zaton ruwa mai raguwa dole biyansa ya riƙa sauka. Ba haka ba ne. Mai 68,000 da mai 60,277 duk biyansu ɗaya ne kowane wata. Rabon da ke cikin biyan ne ya raba su.

## Yadda za ka gane wanne aka ba ka

Kada ka tsaya kan abin da jami'in bashi ya faɗa da baki, domin wani lokaci shi kansa kashin da aka ba shi ya faɗa kawai ya sani. Gwaji biyu sun isa.

Na farko, ka nemi jadawalin biya, wanda ya raba kowane wata zuwa uwar kuɗi da ruwa da abin da ya rage. Ka dubi layin ruwa daga sama zuwa ƙasa. Idan lamba ɗaya ce take maimaituwa, tsayayye ne. Idan tana sauka wata bayan wata, mai raguwa ne.

Na biyu, idan ba a ba ka jadawali ba, ka ninka biyan wata da yawan watanni, ka cire kuɗin da aka ranta maka. Abin da ya saura shi ne ruwa. Sai ka ninka uwar kuɗi da kashin da aka faɗa da yawan watanni. Idan amsoshin biyu sun zo ɗaya, tsayayye ne: 68,000 sau 12 ban da 600,000 ya ba da 216,000, haka ma 600,000 sau 0.03 sau 12. Idan ruwan ya tsaya a ɗan sama da rabin wannan, kamar 117,000 ko 123,000, mai raguwa ne. Idan kuwa ya haura 216,000, to akwai wasu kuɗaɗen da aka cusa a cikin biyan watan da ba a faɗa maka ba, sai ka tambayi sunansu ɗaya-ɗaya.

Ka kuma tabbatar kashin na wata ne ko na shekara. Manyan bankuna sun fi faɗar na shekara, ƙananan bankuna da manhajojin bashi sun fi faɗar na wata. Kashi 3 a wata kashi 36 ne a shekara kafin ma a zo maganar tsayayye ko mai raguwa. A takarda `p.m.` na wata ne, `p.a.` na shekara.

## Mayar da tsayayyen ruwa zuwa ainihin farashinsa

Ba za ka iya kwatanta tayi biyu ba sai ka auna su da mudu ɗaya, mudun kuwa shi ne ruwa mai raguwa. Tambayar da ake yi ita ce: kashi nawa mai raguwa ne zai sa mutum ya riƙa biyan 68,000 a wata a kan bashin 600,000?

Akwai hanyar ƙiyasi da ake yi a tsaye a gaban kanta. Ka koma jadawalin sama ka dubi layin abin da ake binka. Ya fara daga 600,000 ya ƙare a 50,000, matsakaicinsa 325,000. Wato a tsawon shekarar, abin da mai shago ya mora bai wuce 325,000 a kowane wata ba idan aka baje shi. Ruwan 18,000 a kan 325,000 kashi 5.5 ne. Taƙaitacciyar ƙa'idarsa ita ce:

```
ƙiyasi = tsayayye × 2n ÷ (n + 1)
```

A wata 12, 3 sau 24 a raba da 13, kimanin 5.5. A wata 6 tsayayyen zai ninku sau 1.7, a wata 3 sau 1.5. Shi ya sa ake cewa tsayayyen ruwa kusan ninki biyu ne na abin da aka rubuta.

Sai dai wannan ƙiyasin yana ɗan wuce gona da iri, kuma wucewar tana ƙaruwa idan ruwan ya yi yawa ko wa'adin ya yi tsawo. Dalili shi ne ƙiyasin ya ɗauka uwar kuɗi na sauka da 50,000 tun daga watan farko, alhali idan aka yi wa biyan 68,000 lissafin mai raguwa na gaske, ruwa ne ke cin babban kaso a farko, uwar kuɗi ta fi jinkirin sauka. Amsar da ta dace sai da wannan:

```
=RATE(12,-68000,600000)
```

Zai ba ka kimanin 0.0508, wato kashi 5.08 a wata, kusan kashi 61 a shekara idan ka ninka sau 12. Wanda aka ce masa 36 a shekara, 61 yake biya. Ka lura da alamar cirewa a gaban 68000. Kuɗin da ya shigo hannunka ana rubuta shi haka nan, wanda ya fita kuma da alamar cirewa. Idan ka rubuta su duka iri ɗaya, `#NUM!` za ka gani maimakon amsa. Masu Excel na Faransanci, kamar yadda aka fi samu a Nijar, `TAUX` za su rubuta a madadin `RATE`, `VPM` a madadin `PMT`, su raba lambobin da `;`, su kuma rubuta `0,03` a madadin `0.03`.

Da wannan a hannu kwatance ya zama mai sauƙi. A ce wani wuri ya yi wa mai shago tayin kashi 4.5 a wata mai raguwa. Da jin lambar zai juya baya, tunda ga mai kashi 3. Amma biyan wata a kashi 4.5 mai raguwa kimanin 65,800 ne, ruwan shekara kimanin 189,600. Ya fi kashi 3 tsayayye sauƙi da naira 26,400. Ko kashi 5 mai raguwa ma, biyansa 67,695 ne, bai kai 68,000 ba. Sai tayin ya haura 5.08 sannan tsayayyen zai fi shi arha.

Kada a ɗauka daga nan cewa duk tsayayyen ruwa tsada ne. Ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata da ta ba ɗanta 600,000 a kan kashi 10 tsayayye na shekara guda, ruwa 60,000 ne, biyan wata 55,000. Ainihin farashinsa kimanin kashi 1.5 a wata, 18 a shekara. Ya kusa ninka abin da aka rubuta, amma rabin kashi 36 mai raguwa ne. Suna ba ya yanke hukunci, sai an fitar da lamba. Wani abu kuma da ƙungiyoyi kan yi: su cire ruwan tun farko, su ba ka 540,000, ka riƙa biyan 50,000 a wata. Ruwan dai 60,000 ne, amma tunda abin da ya shigo hannunka ya ragu, farashin ya tashi zuwa kusan kashi 20 a shekara.

## Kuɗaɗen da ake cirewa kafin bashin ya iso

Wannan batun na cirewa tun farko ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri, domin sau da yawa a nan ne tayin da ya yi kyau a takarda yake lalacewa. Ƙa'ida ɗaya ce: a cikin `RATE` ka sa kuɗin da ya faɗo asusunka, ba wanda aka rubuta a saman takarda ba.

A ce an cire kashi 2 na kuɗin gudanarwa da inshora, naira 12,000. Mai shago ya ga 588,000 a asusunsa, amma 68,000 ɗin da aka lissafa a kan 600,000 zai ci gaba da biya.

```
=RATE(12,-68000,588000)
```

Farashin ya koma kimanin kashi 5.44 a wata, wato 65 a shekara. A ce kuma an gindaya sharaɗin ajiyar dole, ya bar kashi 10 na bashin, naira 60,000, a asusun ajiya da ba zai taɓa ba sai ya gama biya, kuma ba a ba shi komai a kanta. Kuɗinsa ne, za a mayar masa, shi ya sa mutane ba sa lissafa ta cikin tsadar bashi. Amma abin da ya kai kasuwa da shi 528,000 ne, ruwa kuma a kan 600,000 yake biya. Ana sa ajiyar a wuri na huɗu, a matsayin kuɗin da zai dawo masa a ƙarshe:

```
=RATE(12,-68000,528000,60000)
```

Amsa kimanin kashi 6.45 a wata, kusan 77 a shekara. Daga kashi 3 da aka fara magana a kai an ninka an wuce, ba tare da an taɓa lambar da ke jikin allon talla ba.

Yawan zuwa biya ma yana da tasiri. Idan 816,000 ɗin nan aka raba shi mako 52, kowane mako kimanin 15,692, jimilla ba ta sauya ba, amma kuɗin yana barin hannun mai shago da wuri. Farashin ya tashi daga 61 zuwa kimanin 64 a shekara. A ruwa mai raguwa biyan mako-mako rage maka ruwa yake yi, tunda abin da ake binka na sauka da sauri. A tsayayye kuwa mai ba da bashi ne ke cin ribar saurin.

Irin wannan lissafin da ya haɗa ruwa da sauran kuɗaɗen dole shi ne abin da ake nufi da `APR` a takardun Najeriya da Gana, da `TEG` a ƙasashen sefa. A ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, ciki har da Nijar, da shi ake auna iyakar ruwan da doka ta yarda a karɓa. A 2014 an sa iyakar a kashi 15 a shekara ga bankuna da kashi 24 ga cibiyoyin ƙananan rance. Idan takardarka na ɗauke da lambar `APR` ko ta `TEG`, ka gwada ta da abin da `RATE` ya ba ka sau 12. Idan sun yi nisa da juna, akwai kuɗin da aka bari a waje.

## Idan ka so ka biya kafin wa'adi

A ce kasuwa ta yi kyau, bayan biya na shida mai shago yana son ya rufe bashin. A ruwa mai raguwa amsar tana cikin jadawali. A hanyar farko saura 300,000, da ya biya an gama, ruwan da ya bayar a wata shida 85,500 ne, ya tsira da 31,500 na watannin da suka rage. A hanya ta biyu, mai biyan 60,277, saura kimanin 326,533. Mutane kan yi mamakin wannan, su ce an biya rabin watanni amma bashi bai sauka rabi ba. Lissafin daidai yake, ruwa ne ya ci kaso mai yawa a farko. Abin da kawai za a duba shi ne ko yarjejeniya ta sa tarar biya da wuri.

A tsayayyen ruwa babu amsa ɗaya, sai abin da takarda ta ce, kuma yanayi uku ake gani. Wani wurin zai ce ruwan 216,000 ya riga ya zama bashi tun ranar sa hannu, saboda haka sai ka kawo ragowar biya shida cif, naira 408,000. A nan biya da wuri asara ce zalla, ka ba da kuɗinka wata shida kafin lokaci ba a rage maka ko sisi ba. Wani wurin zai yafe ruwan watannin da suka rage gaba ɗaya, ka kawo 300,000. Na uku shi ne masu amfani da lissafin 78. Suna raba ruwan gida 78, watan farko ya ɗauki kaso 12, na biyu 11, har na ƙarshe ya ɗauki kaso 1. Wata shida na farko sun cinye kaso 57, saura 21. Abin da za a yafe maka shi ne 21 cikin 78 na 216,000, kimanin 58,154, sai ka kawo kimanin 349,846. Tsakanin yanayi mafi sauƙi da mafi tsanani akwai naira 108,000 a kan bashi ɗaya. Wannan tambaya ce ta kafin sa hannu, kuma a rubuce ake son amsarta: idan na zo rufewa a wata na shida, nawa zan kawo?

Haka batun ƙari a kan biyan wata. A ruwa mai raguwa, idan mai shago ya ƙara 100,000 a kan biyan wata na uku, ruwansa zai ragu da 3,000 a kowane wata mai zuwa, da sharaɗin an zuba kuɗin a uwar kuɗi. Dole ya faɗa, ya kuma karɓi sabon jadawali, domin in ba haka ba kuɗin na iya zama a asusu kawai ana cire biyan wata daga cikinsa, ruwa bai ragu ba. A tsayayye ƙarin ba ya rage komai.

## Tsawon wa'adi, da inda bambancin ke ɓacewa

Jami'i kan ba da shawarar a tsawaita wa'adi don biyan wata ya yi sauƙi. A wata 24, tsayayyen kashi 3 zai sauke biyan zuwa 43,000, amma ruwa ya zama 432,000. Mai raguwa a wata 24 biyansa kimanin 35,428 ne, ruwa kimanin 250,283. Ratar da ke ƙasa da dubu ɗari a shekara ɗaya ta haura 181,000 a shekara biyu.

Akwai kuma inda hanyoyin biyu suke zama abu ɗaya. Idan ba a taɓa uwar kuɗi sai ranar ƙarshe, kamar manomin da ya karɓi rance da damina zai biya dunƙule bayan girbi yana ba da ruwa wata-wata, ko bashin wata ɗaya da ake cirewa da zarar albashi ya shigo, to abin da ake binka bai taɓa raguwa ba. Kashi 3 tsayayye da kashi 3 mai raguwa duk 18,000 ne a wata. A irin wannan bashin kuɗaɗen da ake cirewa tun farko da tarar jinkiri su ne abin dubawa.

Wanda ya guji bashin ruwa saboda addini ya nufi bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, shi ma lissafin zai yi masa amfani. A cinikin murabaha banki ne ke sayen kaya ya sayar maka da riba sananniya, farashin kuma ya tsaya tun ranar ciniki. Hukuncin daban ne, amma idan kana son ka kwatanta tayi biyu na murabaha masu wa'adi daban, ka sa kuɗin da bankin ya sayi kayan, ban da kafin alƙalamin da ka bayar, da biyan wata da yawan watanni a cikin `RATE`, za ka ga wanda ya fi sauƙi. Haka mai karɓar keke ko babur a kan biya kaɗan-kaɗan: farashin kuɗi hannu shi ne uwar kuɗi, abin da ya hau kai shi ne tsadar jinkiri.

Idan ka gwada lissafinka da jadawalin banki ka ga sun saɓa da 'yan ɗaruruwan naira, kada ka yi saurin cewa an cuce ka. Bankuna da yawa da kwanaki suke lissafin ruwa mai raguwa: abin da ake binka sau kashin shekara sau kwanaki, a raba da 365. A kan 600,000 da kashi 36 a shekara, ruwan kwana ɗaya kimanin naira 592 ne, saboda haka wata mai kwana 31 zai ba da 18,345, mai kwana 30 kuma 17,753. Wannan lissafin na kwanaki yana nufin duk ranar da ka jinkirta biya ruwa na ci gaba da hawa kan abin da ba ka mayar ba, ban da tarar da yarjejeniya ta tanada. Saɓanin da ya kai dubbai a kowane wata kuwa ba na kwanaki ba ne. Ka koma layin ruwa na jadawalin, ka raba ruwan wata na bakwai da abin da ake binka a farkon watan. Idan ya ba ka kusan 0.03 mai raguwa ne, idan ya ba ka 0.06 tsayayye aka rubuta maka.